Daga shafi bakwai zuwa shafi ɗaya: yadda aka taƙaita shari'ar Donoghue da Stevenson

Wata ɗalibar koyon aikin lauya ta karanta shari'ar Donoghue v Stevenson ta shekarar 1932, ta cika shafi bakwai da rubutu. Aikin da aka ba ta shi ne ta mayar da wannan rubutu shafi ɗaya mai gida huɗu: abin da ya faru, tambayar da ke gaban kotu, hukuncin da kotu ta yanke, sai dalilan da suka kai ta ga hukuncin. Ni aka kawo wa aikin in duba.

Rubutun nata ba shi da laifi a matsayin rubutun mai karatu. Ta bi rahoton shari'ar ne daki-daki, duk abin da ya ja hankalinta ta rubuta shi a inda ta ci karo da shi. Akwai ranar da abin ya faru, 26 ga Agusta 1928. Akwai sunan garin, Paisley, kusa da Glasgow a Scotland, da sunan gidan shan shayin, Wellmeadow. Ta rubuta cewa May Donoghue ta je wurin tare da wani mutum da suke abota, wanda shi ya saya mata askirim da kwalbar lemon citta, mai wurin ya zuba mata wani ɓangare na lemon a kofi, ta sha, da aka juye ragowar sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi ya fito. Ta rubuta ciwon cikin da matar ta ce ta yi da firgitar da ta same ta, da fam 500 da ta nema a matsayin diyya daga David Stevenson, mai kamfanin da ya yi lemon. Daga nan sai sunayen alƙalai, da tsofaffin shari'o'in da suka ambata, da wata doguwar magana ta Mai Shari'a Atkin a kan maƙwabci wadda ta ja wa layi biyu a ƙasa.

Ga abin da ta fara fitarwa daga cikin wannan duka. A gidan abin da ya faru ta sa labarin gaba ɗaya, kusan rabin shafi. A gidan tambaya ta rubuta: "Shin Stevenson ya yi sakaci?" A gidan hukunci: "Donoghue ta yi nasara, kotu ta sami Stevenson da laifin sakaci." A gidan dalili ta kwafe maganar maƙwabci.

Duk wanda ya san shari'ar sama-sama zai karanta wannan ya gyaɗa kai. Amma gida uku cikin huɗun ba daidai suke ba, na farkon kuma, wato gidan abin da ya faru, ya yi kumburi. Kuma duka matsalar daga wuri ɗaya ta taso.

Layin da ba ya cikin tsarin

Na tambaye ta wace kotu ce ta saurari shaidu a wannan shari'a. Ta duba shafukanta ta ce, "Malam, ban rubuta ba." Ba za ta iya rubutawa ba, domin babu kotun da ta taɓa sauraron shaida ko ɗaya. Stevenson ya musanta cewa akwai dodon koɗi a kwalbarsa, sannan lauyoyinsa suka ɗauki wata hanya da doka ta ba su: suka ce ko da an ɗauka duk abin da matar ta faɗa gaskiya ne, ƙarar ba ta da tushe a doka, saboda haka a kore ta tun kafin a kira shaidu. A kan wannan batu kaɗai aka yi ta fafatawa tun daga ƙasa har sama.

Alƙalin farko a babbar kotun Scotland da ke Edinburgh, Mai Shari'a Moncrieff, ya ce ƙarar tana da tushe, a je a saurari shaidu. Sashen ɗaukaka ƙara na kotun ya rushe wannan, yana dogaro da hukuncin da ya yanke a 1929 a shari'ar Mullen v AG Barr, inda aka yi iƙirarin samun ɓera a kwalbar lemo kuma aka kori ƙarar. Daga nan Donoghue ta ɗaukaka ƙara zuwa Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda alƙalanta su ne kotun ƙoli a irin waɗannan ƙararraki a wancan zamani. Ranar 26 ga Mayu 1932 alƙalai uku cikin biyar suka amince da ɗaukaka ƙarar, suka mayar da shari'ar ƙasa domin a saurari shaidu. Ba a kai ga sauraron ba. Stevenson ya rasu a ƙarshen wannan shekarar, daga baya masu kula da gādonsa suka sasanta da matar a wajen kotu.

Wannan bayani duka yana cikin rubutun ɗalibar, a warwatse, rabi a shafi na biyu rabi a na shida. Da yake tsarin da aka ba ta bai tanadi gurbinsa ba, sai ta bar shi a baya. Ni a ganina duk tsarin taƙaita shari'a da ba shi da layi ɗaya a sama mai cewa "matakin da shari'ar take" yana da giɓi, kuma wannan layin ne ya kamata a fara cikewa kafin a taɓa gidaje huɗun. Dalili kuwa shi ne matakin ne yake faɗa maka irin tambayar da kotun take da ikon amsawa. Kotun da ke duba ko ƙara tana da tushe ba za ta iya cewa wani ya yi sakaci ba, iyakarta ta ce idan an tabbatar da kaza da kaza, doka za ta ɗora masa nauyi ko ba za ta ɗora ba. Kotun da ke sauraron ɗaukaka ƙara bayan an gama shari'a kuwa, yawanci tana karɓar abin da alƙalin farko ya tabbatar ne ta duba ko an yi amfani da doka daidai. Abin da za ka rubuta a gidan farko ya bambanta a waɗannan yanayi biyu: a ɗaya iƙirari ne, a ɗaya tabbataccen abu ne.

Gyaran farko ke nan. Ta koma gidan abin da ya faru ta sa "mai ƙara ta yi iƙirarin cewa" a farkonsa. Kalma shida ne, amma lauyan da ya tsaya a kotu ya ce an tabbatar da dodon koɗi a kwalbar Stevenson ya faɗi abin da ba a taɓa tabbatarwa ba.

Tambaya ake fara rubutawa

Tsarin ya jera gidajen ne yadda mai karatu zai karanta su, wato labari, tambaya, hukunci, dalili. Mai rubutu kuma idan ya bi wannan jerin wajen cikewa, gidan farko zai cika ya batse, domin a lokacin da yake rubuta shi ba shi da ma'aunin da zai gane abin da ke da amfani. Tambayar ce rariyar da ake tace labarin da ita, don haka ita ake fara samarwa.

"Shin Stevenson ya yi sakaci?" ba ita ce tambayar ba, kamar yadda muka gani. Da na ce ta sake gwadawa, sai ta tafi can ɗaya ɓangaren: "Shin mutum yana da nauyin kiyaye wasu daga cutarwa?" Wannan kuma ta yi faɗi har ta rasa amfani. Hanyar gane tambayar da ta yi faɗi ita ce ka ga za a iya liƙa ta a kan shari'a ɗari daban-daban ba tare da an canza kalma ba. Hanyar gane wadda ta yi ƙunci kuma ita ce ka ga sunayen mutane da kwanan wata a cikinta, ta yadda ba za ta yi wa kowace shari'a amfani ba sai wannan ɗin.

Tambaya mai kyau tana haɗa abu biyu a jimla ɗaya: ƙa'idar dokar da ake jayayya a kanta, da 'yan abubuwan da suka sa jayayyar ta taso. Kuma ana iya amsa ta da e ko a'a. Sau da yawa alƙalin da kansa yakan faɗe ta, kuma a nan Atkin ya faɗe ta tun a farkon jawabinsa. Ɗalibar ta wuce wurin ba ta rubuta ba, saboda ta ɗauka gabatarwa ce kawai. Bayan ta koma ta karanta, ga abin da ta fitar da kalmominta:

"Shin wanda ya haɗa abin sha ya sayar wa ɗan kasuwa, a yanayin da ɗan kasuwar ko mai sha ba za su iya duba cikinsa su gano aibi ba, yana da nauyi a doka ga mai shan na ƙarshe cewa ya kula yadda ya kamata kada abin ya cutar da lafiyarsa, alhali babu kwantiragi tsakaninsu?"

Jimlar tana da tsawo, amma babu abin da za a cire daga cikinta ba tare da an canza shari'ar ba.

Abin da ya rage a gidan farko

Da tambaya a hannu, sai muka bi labarin layi-layi. Kowane abu muka zo kansa, tambaya ɗaya muke yi: da a ce wannan ya zama akasin haka, amsar kotu za ta iya canzawa? Wannan hanya ta neman abubuwan da alƙali ya ɗauka da muhimmanci ita ce Arthur Goodhart ya yi fice da ita a wata maƙala ta 1930, kuma har yau ita ce mafi sauƙin koyarwa.

Da a Edinburgh abin ya faru ba Paisley ba, da babu abin da zai canza. An cire. Watan Agusta, sunan gidan shayin, askirim ɗin, kasancewar mai ƙarar mace ce, talaucin da ya sa aka ba ta damar ɗaukaka ƙara ba tare da ajiye kuɗin jingina ba, duk an cire. Fam 500 ma an cire, tunda kotun ba ta yi magana a kan adadin diyya ba. Ɗalibar ta ɗan yi jayayya a kan talaucin, ta ce shi ne ya sa labarin ya taɓa zuciya. Gaskiyarta, amma mai neman ƙa'idar shari'ar ba zai yi komai da shi ba, kuma yana nan a shafi bakwai ɗinta idan ta buƙace shi wata rana.

Abin mamaki shi ne abubuwa biyu da suka fi komai nauyi su ne ta rubuta a gurguje, kamar abin da ba shi da muhimmanci. Na farko, ba Donoghue ce ta biya kuɗin lemon ba, wani ne ya saya mata. Da ita ta saya da hannunta, da tana da kwantiragi da mai gidan shayin, kuma dokar sayar da kaya ta 1893 za ta ba ta damar kai shi ƙara kai tsaye. Rashin wannan ne ya tilasta mata neman mai kamfanin ta hanyar sakaci. Na biyu, kwalbar mai duhu ce, ba a ganin cikinta, kuma a rufe take ruf tun daga kamfani. Da kwalbar garau take, ko da a buɗe aka kai ta shago, da lauyoyin Stevenson za su ce akwai wanda ya isa ya duba tsakanin kamfani da bakin mai sha, kuma alƙalan da suka yi rinjaye duk sun jingina da rashin wannan damar dubawa.

Shi kansa dodon koɗin fa? Nan ne aka fi jin daɗin muhawara. Da ɓera ne, ko gilashi, ko guba, amsar ba za ta canza ba. Saboda haka a taƙaitaccen bayanin za a iya ambaton dodon koɗi don mai karatu ya tuna wace shari'a ce, amma a san cewa abin da yake wakilta shi ne ɓoyayyen aibi mai cutar da lafiya. Haka lemon citta: yana wakiltar abin sha ne, ko abinci da abin sha, ko duk wani kayan da aka ƙera? Rahoton shari'ar shi kaɗai ba ya yanke wannan gaba ɗaya, kuma zan dawo kansa a ƙasa.

Daga rabin shafi, gidan farko ya dawo jimla huɗu.

Hukunci

Nan babu dogon zance. Gidan hukunci yana ɗauke da amsar tambayar, da abin da kotu ta yi da ƙarar, da yadda alƙalai suka rabu. Amsa: e, akwai nauyin. Abin da aka yi: an amince da ɗaukaka ƙara, an maido da hukuncin alƙalin farko, an mayar da shari'ar don sauraron shaidu. Rabuwa: uku da biyu, Atkin da Thankerton da Macmillan a gefe ɗaya, Buckmaster da Tomlin a ɗaya gefen. Idan ka karanta tambayar ka karanta hukuncin nan take ba su haɗu kamar tambaya da amsarta ba, to ɗayansu yana da matsala. Tambayarta ta farko da hukuncinta na farko sun haɗu, sai dai dukansu biyu na wata shari'a ce da ba a taɓa yi ba.

Maganar maƙwabci da inda ya dace a ajiye ta

Gidan dalili shi ya ci mana lokaci. Maganar da ta kwafe ita ce mafi shahara a duk fannin dokar sakaci. A taƙaice Atkin ya ce dole mutum ya kula yadda ya kamata ya guji aikata ko barin abin da zai iya hangowa cewa zai cutar da maƙwabcinsa, kuma maƙwabci a doka shi ne wanda aikinka ya shafe shi kai tsaye kuma a kusa, har ya kamata a ce ka tuna da shi lokacin da kake aikin. Tana shafi na 580 na rahoton [1932] AC 562. Ɗalibai suna son ta saboda tana da daɗin haddacewa.

Amma a shafi na 599, wajen ƙarshen jawabin nasa, Atkin ya faɗi wata ƙa'ida da ta fi wannan ƙunci sosai. Ya ce mai ƙera kaya da ke sayar da su a yanayin da ke nuna yana nufin su isa hannun mai amfani na ƙarshe yadda suka bar hannunsa, ba tare da wata dama ta hankali da za a duba su a tsakani ba, kuma ya san rashin kula wajen haɗa su zai cutar da rai ko dukiyar mai amfanin, to yana da nauyin yin wannan kula. Wannan ba ta cikin shafi bakwai ɗin ɗalibar kwata-kwata. Ta ce lokacin da ta kai wurin ta riga ta gaji, kuma ta ɗauka ta riga ta kama babbar maganar.

To wacce daga ciki ce ginshiƙin hukuncin, wato wadda za ta ɗaure kotunan da ke ƙasa, wacce kuma magana ce ta ƙarin haske da kotu za ta iya saurara ba tare da ta zama tilas a kanta ba? Akwai wani tsohon gwaji da ake danganta wa Eugene Wambaugh, malamin doka a Amurka a ƙarshen ƙarni na 19. Ka ɗauki ƙa'idar ka juya ta, ka mayar da ita akasinta, sannan ka tambaya ko kotu za ta iya yanke hukunci iri ɗaya duk da haka. Idan za ta iya, ƙa'idar ba ginshiƙi ba ce.

Mun gwada. Juya ta shafi na 599: mai ƙera kaya a rufe ba shi da wani nauyi ga mai amfani na ƙarshe. Da haka ne, Donoghue ta faɗi nan take, babu wata hanya. Juya ta shafi na 580: babu wata ƙa'ida guda ɗaya da ta game duk wanda aikinka zai iya shafa. Da haka ne, har yanzu kotu za ta iya cewa masu ƙera kaya a rufe wani rukuni ne na musamman da doka ta ɗora wa nauyi, Donoghue ta yi nasara. Ke nan ta shafi na 599 ce ke riƙe da hukuncin, ta shafi na 580 kuwa hanya ce da Atkin ya bi ya isa can.

Gwajin yana da iyaka, kuma na faɗa mata. Idan kotu ta ba da dalili biyu masu zaman kansu, kowanne ya isa ya riƙe hukuncin shi kaɗai, to juya kowanne ɗaya ba zai canza sakamako ba, sai gwajin ya nuna maka kamar babu ginshiƙi ko ɗaya. A irin wannan yanayi ana rubuta dalilan biyu duka.

Akwai kuma hanya ta biyu da ta fi dacewa da kotu mai alƙalai da yawa, wato ƙirga kawuna. Ɗalibar ta rubuta jawabin Atkin kamar shi ne "kotu ta ce", alhali mutum uku ne suka yi rinjaye kuma kowa ya yi nasa jawabin. Thankerton ya nuna amincewarsa da yadda Atkin ya warware tsofaffin shari'o'in Ingila, amma nasa dalilin ya gina shi ne a kan cewa mai kamfanin, ta hanyar rufe kwalbar yadda ba mai iya taɓa abin da ke ciki, ya haɗa kansa kai tsaye da mai sha. Macmillan ya tsaya a kan cewa kasancewar akwai kwantiragi tsakanin mai kamfani da ɗan kasuwa bai hana wani na uku ya nemi haƙƙinsa ta hanyar sakaci ba, ya kuma ce rukunonin sakaci ba a taɓa rufe ƙofarsu ba. Abin da ukun suka haɗu a kai shi ne ƙa'idar mai ƙera kaya. Shi ya shiga gidan dalili a matsayin ginshiƙi. Maganar maƙwabci ta shiga ƙarƙashinsa da sunan Atkin a jikinta. Daga baya kotuna sun ɗaga darajarta sosai, musamman a shari'ar Home Office v Dorset Yacht ta 1970, amma wannan tarihin bayan hukunci ne, ba abin da aka yanke a 1932 ba.

Ra'ayin marasa rinjaye ta so ta watsar gaba ɗaya, tunda su suka faɗi. Na hana. Buckmaster ya dogara ne da tsohon layin shari'o'i da ya faro daga Winterbottom v Wright ta 1842, cewa mai ƙera kaya ba shi da nauyi ga wanda ba su da kwantiragi sai a yanayi biyu: kayan da asalinsa mai haɗari ne, ko aibin da mai ƙerawar ya sani ya ɓoye. Ya kuma ji tsoron cewa idan aka buɗe wannan ƙofa babu inda za a tsaya. Layi biyu sun ishe shi, amma waɗannan layuka biyu su ne ke nuna wa mai karatu abin da doka take kafin hukuncin, wanda in babu shi ba za a gane abin da hukuncin ya canza ba.

Shafin da aka gama

*Shari'a:* Donoghue v Stevenson [1932] AC 562, Majalisar Dattawan Birtaniya, ɗaukaka ƙara daga Scotland.

*Mataki:* Jayayya a kan ko ƙarar tana da tushe a doka. Ba a saurari shaidu ba, an ɗauki iƙirarin mai ƙara a matsayin gaskiya don wannan mataki kawai. Alƙalin farko ya karɓi ƙarar, sashen ɗaukaka ƙara ya kore ta.

*Abin da ya faru:* Mai ƙara ta yi iƙirarin cewa wani ya saya mata lemon da wanda ake ƙara ya haɗa, don haka ba ta da kwantiragi da kowa. Kwalbar mai duhu ce kuma a rufe take tun daga kamfani, ba mai iya duba cikinta. Bayan ta sha wani ɓangare aka ga ruɓaɓɓen dodon koɗi a ragowar, ta kamu da rashin lafiya. Ta ce rashin kula wajen ajiye kwalabe da duba su ne ya jawo.

*Tambaya:* Shin mai haɗa abin sha da ya isa ga mai sha a yanayin da ba a iya dubawa a tsakani yana da nauyin kula ga mai shan, alhali babu kwantiragi tsakaninsu?

*Hukunci:* E, da rinjayen 3 da 2. An amince da ɗaukaka ƙara, an mayar da shari'ar don sauraron shaidu. Ba a yanke cewa an yi sakaci ba, ba a ba da diyya ba.

*Dalili:* Ginshiƙi: mai ƙera kaya da ya yi nufin su isa ga mai amfani yadda suka bar hannunsa, babu damar dubawa a tsakani, kuma ya san rashin kula zai cutar, yana da nauyin kula (Atkin, shafi na 599, Thankerton da Macmillan sun zo wuri ɗaya). Kwantiragi da ɗan kasuwa bai kore nauyi ga na uku ba (Macmillan). Faffaɗar ƙa'idar maƙwabci: Atkin, shafi na 580. Saɓani: Buckmaster da Tomlin, babu nauyi in babu kwantiragi sai a keɓantattun yanayi biyu.

Lambobin shafi da sunayen alƙalai a gidan ƙarshe suna da aiki. Wata shida bayan haka, mai shafin ba za ta tuna wace jimla ce ta alƙali wace ce fahimtarta ba, kuma lambar shafin ce za ta mayar da ita wurin cikin minti ɗaya.

Gwada shafin a kan wata shari'a

Hanyar da na fi yarda da ita wajen sanin ko taƙaitawa ta yi kyau ita ce a ba mai ita wani labari dabam, a hana ta komawa rahoton, a ga ko shafin kaɗai zai kai ta ga amsa. Na ba ta labarin Grant v Australian Knitting Mills ba tare da na faɗa mata sakamakon ba. Wani likita a Adelaide, ƙasar Ostireliya, ya sayi kayan sawa na ciki na ulu, ya kamu da mummunan ciwon fata saboda ragowar sinadarin da ba a wanke daga kayan ba a masana'anta. Ba abinci ba ne, ba abin sha ba ne, ba a cikin rufaffiyar kwalba ya zo ba, kuma mai shago yana iya buɗe ƙunshin ya taɓa kayan.

Da gidan abin da ya faru kaɗai ta duba, da ta ce shari'o'in ba su da alaƙa. Da maganar maƙwabci kaɗai ta riƙe, da ta ce likitan ya yi nasara ba tare da ta iya nuna inda lauyan kamfani zai kai hari ba. Da shafin da ta gyara, ta tafi kai tsaye kan sharaɗin damar dubawa a tsakani, ta ce nan ne faɗan zai kasance: kamfani zai ce kayan a buɗe suke, likita zai ce sinadarin ba a ganinsa da ido ko an buɗe. Haka kuwa aka yi. Kotun da ke sauraron ɗaukaka ƙara daga ƙasashen da ke ƙarƙashin Birtaniya a Landan, a hukuncin da aka buga a rahoton 1936, ta ce aibin ɓoyayye ne wanda duba na yau da kullum ba zai gano ba, kuma ƙa'idar ba ta tsaya kan abinci da abin sha ba. Likitan ya yi nasara.

Wannan ya amsa tambayar da muka bari a buɗe a kan abin da lemon citta yake wakilta, amma shari'ar Grant ce ta amsa ta, shekaru kaɗan bayan ta Donoghue. Don haka ba mu taɓa gidajen huɗu ba. Ta ƙara layi ɗaya a can ƙasan shafin, ƙarƙashin taken "bayan hukunci", ta rubuta cewa Grant ta faɗaɗa ƙa'idar zuwa kayan sawa kuma ta fassara damar dubawa da cewa dubawar da za ta iya gano aibin ake nufi, sannan ta bar sarari a ƙasansa don Dorset Yacht idan sun kai kanta a aji.